Ya karanta bai amsa ba, da ya amsa kuma sai ya ce "To": wa ke da laifi?

Nafisa Arkilla: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. An kawo mini wata matsala an ce in sasanta, na ga gara in fara jin ta bakinku. Ba zan ambaci suna ba. Wata ƙaramar tawaga ce mai tattara farashin albasa da shinkafa a kasuwannin Wurno, Goronyo da Illela. Masu zagaya kasuwa mutum huɗu ne, akwai mai tace bayanai ɗaya a nan Sakkwato, shugabansu yana Abuja, masu karɓar rahoton kuma suna Nairobi. Duk aikin a WhatsApp ake yin sa.

Ranar Juma'a da 12:40 shugaban ya tura wa mai tace bayanai saƙo shi kaɗai: "Fayil ɗin Goronyo fa?" Babu sallama, babu komai. Da 12:55 alamar ta koma shuɗi. Shiru. Da 2:50 ya sake turawa: "??" Sai 4:20 amsa ta zo: "To." Minti biyar bayan haka shugaban ya rubuta a guruf ɗin da kowa ke ciki: "Wanda ya san ba zai iya aikin nan ba ya faɗa tun da wuri." Fayil ya iso 4:50. Tun ranar yaron ba ya cewa komai a guruf sai "an gama", shugaban kuma ya fara maganar neman wani. Kowannensu yana rantsuwa shi aka raina.

Kabiru Gawon Nama: Wa alaikumus salam. Anti Nafisa, ni ban ga abin sasantawa ba a nan. Ogan ka ya tambaye ka, ka karanta, ka yi awa uku da kusan rabi ba ka tanka ba, sannan ka zo ka ce "To"? Ko a gida ka yi wa yayanka haka ai ka san sauran.

Umar Mabera: Matsalar sabis ce wannan. Mu nan unguwarmu da rana in an ɗauke wuta sabis ɗin ma rawa yake yi. Ya nemi layi na biyu da babban fawa bank, shi ke nan an wuce wurin.

Malam Bello Gwadabawa: Umar ƙanena, duba lokutan da kyau. Saƙon ya shiga, har an buɗe shi da 12:55, ke nan ba sabis ya hana ba. Amma Kabiru, kai ma ka ɗora wa shuɗin nan kayan da ba zai iya ɗauka ba. Alama ɗaya toka-toka tana nufin saƙon ya bar wayarka. Biyu toka-toka, ya shiga wayar wancan. Biyu shuɗi, an buɗe hirar. Iyakarta ke nan. Ba ta ce mutum ya fahimta ba, ba ta ce shina zaune gaban kwamfuta ba, ba ta ce hannunsa sake yake ba. Wani shina iya karanta saƙo kaf daga saman allo ba tare da alamar ta canza ba, wani kuma yatsa ne kawai ya taɓa hirar ta buɗe, alamar ta yi shuɗi bai karanta ko kalma guda ba.

To 12:55 ranar Juma'a a Sakkwato, mi mutum ke yi? Wanka da shirin masallaci. Abin da anka tambaye shi kuma ba abin da ake amsawa da waya ba ne, fayil ne da ke cikin kwamfuta. Nafisa, tambayi yaron abu guda: ƙarfe nawa ya ɗauka ake son fayil ɗin?

Nafisa Arkilla: Na tambaye shi jiya, Malam. Ya ce ƙarfe biyar. Har ya nuna mini saƙon ranar Litinin da aka turo daga Nairobi, an rubuta Juma'a ƙarfe 5 na yamma. Shi ya sa yake cewa ai 4:50 ya tura, bai makara ba.

Aisha Runjin Sambo: To ga inda gizo ke saƙar. Nairobi tana gabanmu da awa biyu, rani da damina ba ya canzawa. Biyar ɗinsu uku ce a wurinmu. Shugaban ya san haka, shi ya sa hankalinsa ya tashi da 2:50, minti goma ya rage masa. Yaron kuma yana ganin yana da sauran awa biyu da ɗoriya. Shugaban yana kallon mutumin da ya bar jirgi ya tashi da gangan, yaron yana kallon mutumin da ke matsa masa ba dalili har a lokacin salla. Babu wanda ya rubuta lokacin a saƙon Juma'ar, kowa yana zaton ɗayan ya sani.

Duk mai aiki da mutanen waje ya riƙa rubuta lokaci da sunan gari: "3:00 agogon Sakkwato, 5:00 agogon Nairobi". Landan ma ta fi ruɗarwa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya. Mutane kan saba da ɗayan, sai canjin ya zo a yi ta saɓani mako guda ba a gane dalili ba.

Kabiru Gawon Nama: Na yarda da maganar agogo. Amma "To" ɗin fa? Agogo ne ya sa shi?

Hajiya Luba: Kabiru, faɗi "to" da bakinka sau huɗu ka ji. Akwai "to" gajere na na ji zan yi. Akwai "tooo" mai ja, na mamaki. Akwai "to?" na sai me kuma. Akwai "to" na wanda aka tilasta wa, ya haɗiye magana. A baki ba ka taɓa ruɗa su, domin murya da fuska suna tare da kalmar. A rubuce duk haruffa biyu ne. Mai karantawa ne ke sa mata murya, kuma muryar da ke cikin ransa a lokacin ita yake sawa. Mutumin da ya riga ya sha faɗa daga Nairobi da ƙarfe uku, wace murya kake jin zai sa wa "To" na 4:20?

Haka shi ma "Fayil ɗin Goronyo fa?" A kunnen mai rubutawa tambaya ce kawai. A kunnen Basakkwace da aka faɗo masa ba sallama, ba ina wuni, zargi ne: kamar an ce ina abin da ka ƙi yi. Sannan "??" ba ta ɗauke da wani bayani ko kaɗan in ban da ɓacin rai. Da shugaban ya sa daƙiƙa ashirin ya rubuta "saura minti goma Nairobi su rufe", da yaron ya bar abin da yake yi.

Malam Bello Gwadabawa: Hajiya ta gama magana. Kuma an gwada wanga abu. A 2005 wasu masu bincike, Kruger da Epley da abokan aikinsu, sun sa mutane su tura jimloli ta imel, wasu da gaske wasu da gatse. Masu turawa sun yi zaton za a gane manufarsu a mafi yawan lokuta, amma abin da masu karantawa sunka gane da kaɗan ya wuce rabi, kusan daidai da canki-canka. Dalili kuwa, mai rubutu shina jin muryarsa a cikin kansa lokacin da yake bugawa, sai ya manta ba ta bin saƙon.

Injiniya Sani: Duk wannan laifin WhatsApp ne. Ba a yi shi don aiki ba. Saƙon oga yana cakuɗe da na gayyatar biki da na 'yan ajinku na sakandare. Su koma Slack, manhajar da aka yi don saƙonnin aiki. Kowane aiki da tasharsa, kowace magana da zarenta, mutum yana iya sa alamar cewa ya fita salla, yana iya kashe sanarwa, yana iya tsara saƙo ya tafi da safe maimakon tsakar dare. Kuma babu shuɗin nan da ke haddasa fitina.

Aisha Runjin Sambo: Injiniya, rabin maganarka haka take. Raba aiki da hira yana da amfani, kuma tsara saƙo ya tafi 8:00 na safe ya fi a tayar da mutum 11:30 na dare. Amma "To" a Slack ma "To" ne. Can ma akwai ɗigon nan kore da ke nuna mutum yana kan layi, kuma ana yi masa irin fassarar da ake yi wa shuɗi: yana nan amma ya ƙi amsa ni. Sannan ka tuna su wa ke cikin tawagar. Mai zagaya kasuwar Illela da ƙaramar waya da datar naira ɗari biyar ba zai riƙa buɗe manhaja ta biyu ba. Za ka tarar an koma WhatsApp cikin mako biyu, sai saƙonni su rabu gida biyu, abin ya fi da lalacewa. Slack na kyauta ma yana ɓoye saƙonnin da suka wuce kwana 90.

Umar Mabera: To ai da sauƙi, kowa ya shiga Settings, Privacy, ya kashe Read receipts. Ba shuɗi ba rigima.

Malam Bello Gwadabawa: Wannan a hirar mutum biyu kaɗai yake aiki, kuma in ka kashe kai ma ba za ka ga na wasu ba. A guruf ba ya kashewa. Wanda ya tura saƙo zai iya danne shi ya taɓa Info, ya ga sunayen da ke ƙarƙashin Read by da lokacin kowa. Wani abu kuma da ke ruɗa shugabanni: a guruf alamar ba ta yin shuɗi sai kowa da kowa ya buɗe. Mutum guda da wayarsa ta mutu a Goronyo ya isa ya bar ta toka-toka har dare, shugaba shina ta zaton ba wanda ya gani.

Ni shawarata ba a ɓoye alamar ba, a rage mata muhimmanci. Tushen matsalar shi ne mutane sun haɗa abu biyu wuri guda: shaidar karɓar saƙo da kammala aiki. Yaron ya yi shiru ne saboda a ganinsa ba shi da abin faɗi sai fayil ya kammala. Shugaban kuma ba fayil kaɗai yake jira ba, shina jiran ya san halin da ake ciki. Amsar da ta kamata da 12:55 ba ta wuce layi biyu:

"Salam, na gani. Ina hanyar masallaci, zan zauna kansa 2:45, in sha Allah ka same shi 4:30."

Duba abin da wanga saƙo zai yi. Da shugaban ya ga 4:30 zai ce a'a, uku ne. A nan take kuskuren agogo zai fito, saura awa biyu cur, a nemi mafita: ko a roƙi Nairobi ƙarin lokaci, ko a tura na Wurno da Illela da sunka kammala, na Goronyo ya biyo baya. Amfanin faɗin lokaci ke nan, shina tona saɓanin da ba wanda ya san akwai shi.

Shi kuma mai tambaya, saƙonsa ya ɗauki abu uku: mi ake so, yaushe, don mi. "Salam Malam wane, barka da Juma'a. Fayil ɗin farashin Goronyo na wannan mako nake buƙata kafin 2:45 agogonmu, Nairobi na rufewa 3:00. Zai samu?" Tambayar ƙarshen nan tana da aiki, domin tana ba mutum ƙofar cewa ba zai samu ba tun da sauran lokaci.

Kabiru Gawon Nama: Malam, da girmamawa, shugaban da ke tura saƙo hamsin a rana ba zai tsaya barka da Juma'a da ya iyali a kowanne ba. Ni abin da ya fi ɓata mini lokaci ma shi ne masu turo "Salam" su yi shiru. Ka amsa, bayan minti ashirin "Ya aiki", ka amsa, bayan wani minti ashirin "Dama wata tambaya ce". Awa guda ta tafi ba a kai ga maganar ba.

Hajiya Luba: Wannan kuma gaskiyarka ce, ɗana. Amma maganinsa ba yanke gaisuwa ba ne, haɗa ta da buƙatar a saƙo ɗaya ne, kamar yadda Malam Bello ya rubuta. Gaisuwa a saƙon farko na yini ta wadatar, sauran a tafi kai tsaye. Kalma uku ce ko huɗu. Wanda ya girme ka kuwa, ko kai ne shugabansa a aiki, ka sa masa Malam ko Hajiya a gaban sunansa, domin rashin ta ya fi fitowa a rubuce.

Ni abin da ya fi damuna a labarin nan ba saƙon farko ba ne, na 4:25 ne. Habaici ne a gaban mutum shida, kuma duk sun san da wa ake. Huɗu daga cikinsu masu zagaya kasuwa ne da yaron nan ke gyara wa kuskure kullum, yanzu da wane ido zai ce musu ku sake cika fom? Faɗan baki yana wucewa da iska, na rubutu yana nan, duk lokacin da ya buɗe guruf zai iya komawa ya sake karantawa, wani ma ya ɗauki hotonsa ya tura waje. Gyara ana yin sa tsakanin mutum biyu. Guruf na sanarwa ne da yabo da abin da ya shafi kowa.

Nafisa Arkilla: Hajiya, na ce masa ya goge saƙon, sai ya ce ya duba babu zaɓin gogewa ga kowa.

Injiniya Sani: Lokacin ya wuce. Delete for everyone kwana biyu ne kacal ko da 'yan awanni a kai, Edit kuma minti 15. Ko da ya samu ma ai kowa ya riga ya karanta, kuma gurbin saƙon yana nan yana nuna an goge wani abu.

Malam Bello Gwadabawa: Gogewa ba za ta yi komai ba yanzu. Ga yadda nike ganin a bi, Nafisa. Kada ki sasanta su a rubuce, rubutu ne ya kai su nan. Ki haɗa kira na mutum uku, minti goma sha biyar ya isa. Ki fara da jera lokutan kamar yadda kinka jera muna, ba tare da cewa wane ya yi laifi ba, sannan ki tambayi kowa ƙarfe nawa ya ɗauka wa'adin yake. In sunka ji uku da biyar da kunnensu, rabin zafin ya tafi. Bayan nan yaron ya karɓi nasa, na rashin cewa na gani. Shugaban ya karɓi nasa guda biyu, rashin faɗin lokaci da habaicin guruf. Tunda a gaban jama'a anka yi ɓarin, a gabansu za a kwashe: layi guda a guruf cewa saɓanin agogo ne aka samu ranar Juma'a, ba sakacin kowa ba.

Sai su rubuta ƙa'ida gajera su maƙala ta a saman guruf. Abin da ba ya jira awa guda, kira ake yi, ba saƙo ba, in ba a ɗauka ba a sake kira bayan minti biyar sannan a bi da tes, domin tes na shiga ko babu data. Abin da ake so a yau, a tura saƙo da @ da sunan mutum, ya nuna ya gani cikin awa biyu na lokacin aiki ko da bai gama ba. Amfanin @ shi ne sanarwar na isa ko mutum ya sa guruf ɗin a Mute. Sauran abubuwa, kafin ƙarshen yinin aiki na gaba. Su kuma rubuta lokutan da ba a jiran amsar kowa: Juma'a daga 12:30 zuwa 3:00, bayan magariba, da ranar kasuwa ga wanda ke cikin kasuwa. Da azumi a sake zama a gyara lokutan. In anka yi musayar saƙo uku kan abu guda ba a fahimci juna ba, a daina bugawa a kira.

Aisha Runjin Sambo: Ƙarin abu ɗaya, Malam. Lokutan da ba a jiran amsa a sanar da mutanen Nairobi su ma. Su Juma'a ranar aiki ce cikakkiya, ba lallai su san cewa wa'adin uku agogonmu yana faɗawa daidai dawowa daga masallaci ba. In an faɗa musu sau ɗaya, mai yiwuwa su yarda a mayar da shi Alhamis da yamma ko Litinin da safe. Matuƙar wa'adin yana nan inda yake, za a sake yin wannan rigimar ko da sabon ma'aikaci.

Umar Mabera: To me zai hana a riƙa saƙon murya kawai? Tunda an ce murya ce ke ɓacewa a rubutu.

Hajiya Luba: Ni ina goyon bayan wannan in maganar mai nauyi ce, kamar gyara ko ban haƙuri. Daƙiƙa talatin na murya mai taushi ya fi sakin layi uku. Kuma cikin masu zagaya kasuwa akwai wanda bakinsa ya fi alƙalaminsa.

Aisha Runjin Sambo: Anti Luba, a nan kam mun rabu. Saƙon murya na minti huɗu shi ne babban mai jawo jinkirin amsa. Ba a jin sa a cikin taro ko cikin hayaniyar kasuwa, sai mutum ya ce bari sai anjima, anjima ta zama gobe. Ba a iya binciko shi da kalma, in farashin buhu ko lokaci yana ciki sai an sake saurare daga farko. Wanda ya sa shi a 2x kuma ya ji muryarki tana gudu kamar mai faɗa, taushin ya tafi. In dai lamba ce ko wa'adi, a rubuta.

Hajiya Luba: Lamba a rubuta, na yarda. Amma ban haƙuri a rubuce ban taɓa ganin ya kai zuci kamar na baki ba.

Kabiru Gawon Nama: Ni har yanzu awa biyun nan na Malam Bello ta yi mini yawa. In ina jiran abu, awa biyu shekara ce. Minti talatin ya isa mutum ya buga "na gani".

Malam Bello Gwadabawa: Ga wanda ke zaune ofis, ƙila. Amma mai tace bayanai in shina duba waya kowane minti talatin, layukan da yake tacewa ne za su sha kuskure, ka samu buhun albasa an sa masa farashin kwano. Abin da ba ya jira kuma ai mun ce a kira. Adadin ba nassi ba ne, su zauna su shida su zaɓi wanda za su iya riƙewa, su gwada wata guda su gani.

Nafisa Arkilla: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da su biyun, sun yarda da kira gobe 10:00 na safe. Shugaban ya amince da maganar agogo, amma ya ce layin da za a sa a guruf sai ya yi tunani, wai kada sauran su ga kamar ya sauko. Hajiya Luba, in na turo miki lambarsa ta gefe, za ki iya yi masa magana kafin goman?

Hajiya Luba: Turo, 'yata. Ki fara gaya masa zan kira bayan isha'i, kada ya ga baƙuwar lamba ya ƙi ɗauka.